Gudu ya dawo daidai da na QWERTY, amma sai da na taɓa H

'Yan uwa masu koyo, makon nan ne dai gwajin gudun buguna a tsarin kibod na Colemak ya kamo wanda nake yi a QWERTY kafin in sauya, kuma wallahi na ji daɗi. Kamowa kawai ya yi, bai wuce ba. Watanni na yi ina bugu kamar ɗan koyo, har saƙon layi uku sai da ya zama mini aiki. Wannan asarar lokacin ita ce ta fi ci mini rai.

Dvorak na fara gwadawa, ban daɗe ba na ajiye shi. Layin tsakiyarsa, AOEUIDHTNS, yana da daɗi, wasula a hagu, baƙaƙe a dama, hannuwa na karɓa-karɓa. Amma C da V sun koma hannun dama, ga shi hannun nan yana kan linzami lokacin da nake son kwafa da liƙawa. Sannan `ls -l` da nake bugawa kullum, L da S da ɗan layin duk ƙaramin yatsan dama ne ke ɗauka. Colemak, wanda Shai Coleman ya fitar a 2006, madannai 17 kawai ya sauya wa wuri, ya bar Z, X, C da V inda suke. Shi ya sa na koma can.

Matsalar da ta riƙe ni ita ce H. A Colemak tana nan inda take a QWERTY, ita kuwa E ta zauna inda K take. Duk lokacin da zan buga "the" ko "he" ko "where", sai manuniyar dama ta miƙa gefe zuwa tsakiyar kibod, yatsan tsakiya kuma ya tsaya a kan E, hannu ya buɗe kamar almakashi. Sau ɗaya ba komai ba ne, sai dai a rubutun Turanci H da E suna bin juna kusan kowane layi. Da yamma sai in ji bayan hannun dama ya ɗaure. Na gane daga nan ne saboda kurakuraina a gwaji sun taru a kan kalmomin nan, kuma idan na rage gudu na kalli hannuna, sai in ga duk wuyan hannun yana zamewa hagu ya dawo. D ma haka take yi wa hannun hagu, amma ba ta kai H ba.

Na yi ta ƙara atisaye ina zaton rashin sabo ne, gudu ya ƙi motsi. Abin da ya warware shi Colemak-DH ne, wato Colemak da aka sauya wa D da H wuri:

```
setxkbmap us -variant colemak_dh
```

A nan layin tsakiya ya zama ARSTG da MNEIO. H ta sauko inda M take a QWERTY, D ma ta sauko layin ƙasa. Yanzu manuniya lanƙwashewa take yi ƙasa, ba miƙewa gefe ba, sai "he" ya zama mirginawa ɗaya daga manuniya zuwa yatsan tsakiya. Ɗaurewar nan ta tafi. Abin da na biya shi ne Z, domin a wannan tsarin ta koma inda B take, X da C kuma sun matsa hagu. Har yanzu ina laluben `Ctrl+Z`, kuma yana ba ni haushi.

Kan batun gudu kuwa, ba zan ce muku tsarin ne ya ba ni ba. A QWERTY ban taɓa zama na yi atisaye kullum ba, yatsu shida ko bakwai nake amfani da su yadda na ga dama. Da na sauya ne na koyi bugu da duk yatsu ba tare da kallo ba. To wanne ya yi aikin, tsarin ko horon? A 1956 Earle Strong ya yi wa gwamnatin Amurka irin wannan gwajin: aka sake horar da wasu masu bugu a kan tsarin da August Dvorak ya yi wa rajista a 1936, wasu kuma aka ƙara musu horo a QWERTY ɗinsu. Bayan 'yan Dvorak sun kamo tsohon gudunsu aka ci gaba da horar da kowa, sai 'yan QWERTY suka fi ƙaruwa. Mutane goma-goma ne kawai, kuma masoya Dvorak sun soki gwajin, amma ya yi daidai da abin da na gani a hannuna.

Sauƙin kam ina jin sa, yatsu ba sa yawo sama da ƙasa kamar da. Wanda gudu kawai yake nema, gara ya zuba watannin nan a QWERTY. Ni yanzu abin da ke gabana shi ne `hjkl`, madannan motsi a manhajar rubutu ta Vim, da suka watse wuri huɗu, da kuma QWERTY ɗina da ya fara zubewa duk sanda na zauna a kwamfutar wani.