Saƙon Godiya Daga Kwamitin Ayarin Masu Ziyarar Ibada Zuwa Ƙasa Mai Tsarki

Da sunan kwamitin da ya shirya tafiyar ayarinmu zuwa Isra'ila, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukaki wanda ya kai mu lafiya, ya kuma komo da mu gida ba tare da mun bar kowa a baya ba. Mu arba'in da biyu muka tashi, maza da mata daga ikkilisiyoyi dabam-dabam, akwai 'yan ECWA da COCIN da EYN da kuma 'yan'uwanmu Katolika, kuma mu arba'in da biyu muka sauka. Tun da ni aka ɗora wa aikin sakatare, na ga ya dace in bayyana wa jama'a abin da kowane mai hidima ya yi dalla-dalla, domin godiyar ta isa ga masu ita, domin kuma ayarin da zai biyo bayanmu ya san inda nauyin yake.

Godiyarmu ta farko tana ga Mama ma'aji da dattawa biyu da suka riƙa sa hannu tare da ita a asusun ayari. Wanda bai taɓa shirya irin wannan tafiya ba yakan ɗauka cewa kuɗin kujera shi ne duka abin da za a kashe, alhali kuwa kuɗin kujera yana ɗaukar tikitin jirgi, da biza, da masauki na mutum biyu a ɗaki ɗaya, da abinci, da motar da za ta riƙa yawo da ayari, da kuɗin shiga wuraren ziyara ne kawai. Kuɗin fasfo, da katin rigakafin shawara, da motar zuwa filin jirgi, da guzuri, da tukuicin direba da jagora, duk suna wuyan mai tafiya. Tun a taronmu na farko Mama ta rubuta waɗannan a takarda ta raba wa kowa, ta kuma nace cewa ba za ta karɓi tsabar kuɗi a hannu ba, kowa ya biya a banki ya kawo mata shaidar biya, ita kuma ta ba shi rasit mai lamba.

Abin da ya fi ceton mu shi ne shawarar da ta kawo cewa kowa ya ɗora kashi 10 cikin 100 a kan kuɗin kujera, a ajiye shi gefe. Dalilinta shi ne, mu da naira muke biya, amma jirgi da otal da mota da dala ake lissafa su, saboda haka duk ranar da naira ta faɗi tsakanin biyan farko da na ƙarshe, giɓin a kanmu zai faɗo. Wasu sun yi gunaguni a lokacin, kuma ban ga laifinsu ba, domin akwai wanda ya sayar da buhunan masararsa ne ya haɗa kason farko. Sai ga shi kuwa bayan mun biya kaso biyu cikin uku aka sanar da ƙari. Daga wannan ajiya aka cike giɓin gaba ɗaya, ba a koma ƙofar kowa neman ciko ba, ragowar kuma ita ta biya tukuicin direba da jagora, maimakon a riƙa zagayawa da hula cikin mota a ranar ƙarshe. Mama, Allah ya sāka miki da alheri. Muna kuma gode wa Zumuntar Mata da ta ɗauki nauyin kujerar gwauruwa ɗaya daga cikinmu, da 'ya'yan da suka biya wa iyayensu.

Na biyu, muna gode wa ɗan'uwanmu da ya riƙe takardu, domin aikinsa ya fi na kowa cin rai. Bizar masu ziyara ta ayari ce, wato jerin sunaye guda ne ake miƙawa, a amince da shi, a shiga tare a kuma fita tare. Saboda haka kuskuren harafi ɗaya a sunan mutum ɗaya yana iya riƙe shi a gida, wani lokaci ma ya jinkirta sauran. Ya tattara fasfo tun da wuri, ya duba ko kowanne yana da sauran wata shida ko fiye daga ranar tafiya, ya mayar da uku aka sabunta su. Bayan haka ya zauna da kowane mutum ya gwada sunan da ke fasfo da wanda ke fom da wanda ke rasit, harafi bayan harafi. A nan ne ya gano cewa wata uwa daga cikinmu ta cike fom da sunan mijinta, fasfonta kuwa yana ɗauke da sunan mahaifinta tun na ƙuruciya. Da jerin ya wuce haka, da sai a filin jirgi za a gane, tikiti da suna ɗaya, fasfo da wani. Ya gyara fom ɗin ya bi fasfo, domin sunan da ke fasfo shi ne hukuma take dubawa, kuma uwar ta yi tafiyarta.

Muna gode wa jami'an da suka tantance mu, da likitocin da suka auna lafiyarmu, da kuma mutanen da suka tsaya mana a matsayin masu lamuni. Wasu suna jin zafin tambayoyin da ake yi a wurin tantancewa, game da sana'a da iyali da abin da zai dawo da mutum gida, amma a ganina tambayoyin suna kan hanya. Tun da aka kafa Hukumar Masu Ziyarar Ibada ta Kirista ta Najeriya da dokar shekarar 2007, babbar damuwar masu shirya tafiya ita ce mutum ya sulale ya ɓace a can don neman aiki, kuma duk wanda ya yi haka ya jawo wa mai lamuninsa wahala, ya kuma ƙuntata wa waɗanda za su nemi biza bayansa. A filin jirgin Ben Gurion ba a buga hatimi a fasfo, wani ɗan kati ake ba mutum a matsayin izinin shiga, kuma ɗan'uwanmu ya tsaya a bakin mota ya tabbatar kowa ya sa nasa cikin fasfo, domin a ranar zuwa Baitalami, wadda take ƙarƙashin hukumar Falasɗinawa, sai an bi ta shingen bincike.

Godiya mafi girma a cikin 'yan Adam ta Baba Rabaran ce, shugabanmu na ruhaniya. Jagoran da kamfani yake bayarwa ya san tarihi da hanya da lokacin buɗe ƙofofi, amma ba aikinsa ba ne ya mai da yawo ya zama ibada. Baba ya karɓi jadawalin tafiyar tun muna gida, ya zauna ya haɗa kowane wuri da nassinsa, ya buga ɗan littafi ya raba mana, har ya sanya sunan wanda zai yi karatu da wanda zai yi addu'a a kowace tasha, ta yadda babu ikkilisiyar da aka bari a baya. Kullum da ƙarfe shida na safe muna haɗuwa a zauren masauki don sujada ta rabin sa'a, inda muke karanta guda daga cikin Zaburar hawa zuwa Urushalima, wato Zabura 120 zuwa 134, ranar da muka shiga birnin kuwa Zabura 122 ya ajiye mana. Da dare bayan abinci mukan sake zama, kowa ya faɗi abin da ya taɓa zuciyarsa, a yi addu'a domin gida da marasa lafiya, sannan a sanar da shirin gobe.

Dokarsa guda ce, kuma bai sassauta ta ba ko sau ɗaya: karatu da addu'a kafin hoto. A Dutsen Albarku da ke duban Tekun Galili mun karanta Matiyu sura 5 a tsaye, wayoyi suna aljihu. A Kana ma'auratan da ke cikinmu sun sabunta alkawarin aurensu bayan karatun Yohanna sura 2. A Majami'ar Haihuwa da ke Baitalami, inda ƙofar shiga take gajeriya har sai babba ya sunkuya, layin sauka kogon ya yi tsawo ƙwarai, sai Baba ya sa aka karanta Luka sura 2 a hankali muna cikin layin, domin ya san cewa a ƙasa, wurin tauraron azurfa, ba za a bar kowa ya daɗe ba. Ya kiyaye kowace sujada kada ta wuce minti goma a wuraren cunkoso, saboda akwai ayarin wasu ƙasashe suna jira, kuma a ganina wannan ma ladabi ne na ibada.

Akwai wurare biyu da bambancin ɗariƙa zai iya raba kanmu, kuma tun muna gida ya warware su. Na farko shi ne Kogin Urdun, inda mutane da yawa suke so a sake yi musu baftisma. Baba ya bayyana cewa yawancin ikkilisiyoyinmu suna koyar da baftisma ɗaya, saboda haka wanda aka riga aka yi wa zai sabunta alkawarinsa ne a bakin ruwa, wanda kuma ba a taɓa yi wa ba sai ya zo da wasiƙar fastonsa. Na biyu shi ne jibin Ubangiji. Dukanmu mun bi Hanyar Wahala mai tashoshi 14 har zuwa Majami'ar Kabari Mai Tsarki, amma ya shirya wa 'yan'uwa Katolika su halarci Mas, sauran kuma muka ci jibi a Kabarin Lambu, inda sai an nemi wuri da lokaci tun kafin a zo. Baba, mun gode, Allah ya ƙara maka lafiya da shekaru masu albarka.

Ba za mu manta da ma'aikaciyar jinya da ta riƙa zagaya ɗakunan masu hawan jini da ciwon suga kowane dare ba, da samarin da suka riƙe hannun tsofaffi a gangaren Dutsen Zaitun zuwa Gatsemani, da shugabannin ƙananan rukunoni shida waɗanda kowannensu yake ƙirga mutanensa bakwai kafin mota ta motsa. Muna gode wa jagoranmu da direbanmu saboda haƙurinsu, da iyalanmu da suka riƙe gida, da ikkilisiyoyin da suka yi ta addu'a dominmu.

Mama ma'aji za ta karanta cikakken lissafin kuɗin ayari a sujadar godiya da za mu yi tare, kuma duk mai rasit yana da damar duba littafin asusu a ranar. Kwamitin zai miƙa kwafin ɗan littafin karatun Baba da jerin abubuwan da ake dubawa a fasfo ga duk ikkilisiyar da take shirin tura nata ayarin, sai ta aiko wakilinta ta hannun fastonta.