Harafi ɗaya ya riƙe mini kuɗi sati uku

Ranar da zan raɗa wa kamfanina suna, a shagon yayana da ke Agege na zauna, na ce dole kalmar kaɗanya ta fito a ciki, tunda man kaɗe nake fitarwa, kuma da ita na tashi. Har gobe ina son kalmar. Amma ƙannena, ga abin da ta jawo mini.

A takardar rajista ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, aka buga ta da d marar lanƙwasa, `Kadanya`. Ni kuma a takardar farashin da na aika wa wata mai saye a Landan na rubuta `Ka'danya`, yadda muka saba a waya. Ta kwafe sunan yadda ta gan shi, ta turo kuɗin jarka arba'in. Banki ya ga sunan bai yi daidai da na asusun kuɗin waje ba, ya riƙe. Sati uku ina zirga-zirga, ga matan da suka haɗa mini man a Neja suna jiran hakkinsu. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Don haka kafin ka kai suna CAC, ka buga shi a kan waya da haruffan boko na Turawa zalla, babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Yadda ya fito, haka zai zauna a satifiket ɗin NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, da fom ɗin fitar da kaya na NXP, da asusun banki, da takardar lodin jirgi a Apapa. Ko ɗigo kada ya bambanta. Sannan ka kira wani wanda ba ya jin Hausa, ka faɗa masa sunan sau ɗaya, ka ce ya rubuto maka. Idan ya kasa, mai saye ma zai kasa nemo ka.

Kuskure na biyu ya fi zurfi. Na haɗe sunan kamfani da sunan haja wuri guda. Da na so ƙara jar fatar akuya ta Sakkwato, sai ga takarduna duka suna kiran kaɗanya, mai sayen fata yana tambaya ko dillali ne ni. Da na sani, da kamfani ya ɗauki suna mai faɗi, kowace haja kuma ta samu nata a jikin kwali.

A kwalin ne ake yi wa mutanenmu na waje magana. Bahaushiya a can man kaɗe take nema, Bayarabiya `ori`, 'yar Gana `nkuto`, mai jin Faransanci `karité`, sauran kuma `shea butter` suke bugawa. Yanzu a ƙarƙashin sunan hajata nakan jera uku daga cikinsu, gwargwadon ƙasar da kayan za su sauka.

Kuma rajistar CAC ba ta kare maka sunan haja. Wannan aikin rajistar tambari ne, ofishinta daban, kuma wadda aka yi a Najeriya ba ta aiki a Ingila. A rajistar tambari, man shafawa aji na 3 ne, fata aji na 18. Ni na biya kuɗin duka biyun.