Baƙi kala-kala ne, injin buga takarda ya fi idonka sani

Jiya na leƙa kwamfutar yaron da ke koyon aiki a shagonmu, an ɗage ranar wani ɗaurin aure yana gyara katin. Bayan katin baƙi ne, sai ya zana ɗan akwati baƙi a CorelDRAW ya rufe tsohuwar ranar, ya rubuta sabuwa a kai, har zai tura. Na ce kai ɗan nan dakata, wai "Oga ai ya saje."

Haka nima na ce a lokacina. Kalandar wata ƙungiya ce, an canza lambar waya a ƙasa, na rufe ta da baƙi kamar yadda ya yi, a allo ko tabo babu. Da aka bugo sai ga akwatin ya fito fili, toka-toka a cikin baƙi wuluk kamar an yi wa baƙar riga faci, kuma a kowane kwafi. Ni na biya takardar da aka sake. To amma fa tsakani da Allah ba laifina ba ne ni kaɗai, ba wanda ya koya min, allon ma tsoho ne an ƙure masa haske, mai aikin kuma yana tsaye a kaina yana ta duba agogo. Duk da haka dai da na duba lambobin kalar da ban yi asara ba.

Abin da ya faru shi ne bayan kalandar hoto ne daga Photoshop, shi kuma baƙinsa in ya koma CMYK, wato tsarin tawadar bugawa ta shuɗi, ja, rawaya da baƙi, tawada huɗu ce a haɗe, wajen C75 M68 Y67 K90. Akwatina kuwa K100 ne kawai, baƙar tawada ɗaya tal. Allo haske yake fitarwa, duk biyun sai ka gansu baƙi, takarda kuwa tawada take sha, mai huɗu dole ta fi duhu.

Na so in jero muku abubuwa da yawa amma ku yaran yanzu ba kwa karanta dogon rubutu. Kar ka gwada kala da ido. Maida aikin CMYK tukuna da furofayil ɗin, wato saitin kalar da maɗaba'ar ta ce, a Photoshop ka danna F8 wurin nuna lambobin kala ya fito, ka ɗora linzami kan bayan sannan kan facin, lambobin huɗun nan su zo ɗaya. In hoto ka ɗauko daga wani fayil, Convert to Profile za ka yi ba Assign Profile ba, na biyun fassarar lambobin yake canzawa kalar ta goce. Gara ma ka yi gyaran a cikin hoton kansa ka bar facin.

Sai dai ƙananan baƙin rubutu a kan farar takarda, wannan ka bar shi K100 ɗinsa, in ka sa masa tawada huɗu farantin injin bugawa ya ɗan goce sai ya fito da inuwa. Kuma duk da na ce kar ka yarda da ido, a buga maka kwafi ɗaya a irin takardar aikin ka fita da shi waje ka duba, ba a waya ba, don na san halinku.