Laraba: takardar neman hutun karatu

Bayan la'asar maƙwabcina ya kawo mini takardar da zai kai wa manajansu in duba masa. Akawu ne a wani kamfanin rarraba kaya, mai mata da 'ya'ya uku, kuma zai zauna jarrabawar ICAN, ta ƙwararrun akantoci. Shafi biyu ya cika da kuɗin makaranta da kukan jariri, amma ko ranar jarrabawar bai ambata ba. Manaja kuwa abin da yake nema ke nan: yaushe za ka tafi, yaushe za ka dawo, wa zai riƙe aikinka.

Muka fara da lissafin kwanaki. Jadawalinsa ya nuna zai zauna Talata zuwa Alhamis. Idan ya tafi tun Litinin ɗin makon da ya gabace shi ya dawo Juma'a, ranakun aiki 9 ke nan, ban da Asabar da Lahadi. Haka muka rubuta, kowace rana da kwanan watanta. "Kimanin mako biyu" shi ke jawo gardama a ofishin ma'aikata.

Ya so ya rubuta cewa haƙƙinsa ne, na ce a'a, Malam. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun shekara, aƙalla ranakun aiki 6 bayan wata 12 ana aiki, amma ba ta tilasta wa kamfani bayar da hutun karatu ba. Sai abin da ke cikin takardar ɗaukarsa aiki ko littafin ƙa'idojin ma'aikata. Don haka muka roƙi kwana 5 na karatu da albashi, a cire sauran 4 daga hutun shekararsa. Wannan rabon ya fi sauƙin sa hannu. Idan suka ce ba albashi, ya san abin da zai rasa tun yanzu: albashin naira 150,000 a raba gida 22, wato ranakun aiki na wata, kwana 5 sun ɗan haura naira 34,000, kuma cefane ba ya jiran jarrabawa.

Batun iyali jimla ɗaya muka bar masa, cewa bayan tashi daga aiki da hidimar yara karatun dare ba ya isarsa. Wurin da muka daɗe shi ne miƙa aiki: sunan wanda zai riƙe masa, da alkawarin daidaita lissafin banki da jadawalin albashi kafin ya tafi. Hutun akawu in ya faɗa kan rufe littafin ƙarshen wata, da wuya ya samu.

Gobe zai kai kwafi biyu haɗe da shaidar rajista da jadawalin jarrabawa, a buga wa nasa hatimin karɓa. Saura mako shida, akwai isasshen lokaci. Na ja masa kunne kada ya tafi da "ba komai, je ka" na fatar baki, domin in babu amincewa a rubuce, takardar tuhuma zai tarar a teburinsa.