Yadda nake nuna wa masu kemis manhaja ta hanyar bin aikin yininsu

Sana'ata sayar da manhajar lissafin kaya ce ga masu shagunan magani a Kano, kuma mafi yawan cinikin yana ƙulluwa ko ya warware ne a zama ɗaya, wato lokacin da na buɗe kwamfuta na nuna wa mai shago abin da na zo da shi. Yadda aka saba yi a wannan zama shi ne a bi jerin da ke gefen allo daga sama zuwa ƙasa: ga Products, ga Suppliers, ga Sales, ga Reports, kowanne a buɗe shi a faɗi abin da yake yi. Wannan jeri masu rubuta manhaja ne suka tsara shi don sauƙin aikinsu. Mai kemis ba haka yininsa yake tafiya ba. Shi abin da ya sani, da safe kaya sun iso, da hantsi layi ya taru, da yamma wani ya zo karɓar bashi, da dare kuɗin cikin durowa bai yi daidai da na littafi ba. Idan aka bi jerin allo, an bar masa aikin haɗa kowane maɓalli da abin da yake yi da hannunsa, alhali yau ya fara ganin manhajar. Yawancinsu ba sa yi. Sai su ce, "Masha Allah, abu ya yi kyau, za mu neme ka," daga nan kuma shiru.

Don haka ni aikina yana farawa ne kafin ranar nunin. Ina roƙon mai shago ya bar ni in zauna a gefen kanta in kalli yadda ake aiki, ba tare da na taɓa kwamfuta ba. Abin da nake rubutawa shi ne wa ya yi me, da wace takarda, kuma a ina aka tsaya ana jira ko ana gardama. Sannan in nemi a bar ni in ɗauki hoton takardar kaya ta ƙarshe da dila ya kawo, da shafi ɗaya na littafin bashi bayan an rufe sunayen mutane. Daga nan nake zaɓar magunguna kamar ashirin zuwa talatin da suka fi fita, in shigar da su da sunan da ake kiransu a shagon da farashinsu na ranar. Wannan mataki ba na tsallake shi ko da ana gaggawa. Mutumin da ya ga kayansa da farashinsa a allo yana fara duba lissafin da kansa, wanda kuwa aka nuna wa kayan gwaji masu suna Item 1 da Item 2 kallo kawai yake yi.

Bari in kawo wani shago da na yi wa haka, na wani Alhaji mai sayar da ɗai-ɗai da kuma ƙaramin sari ga masu kemis na unguwanni. Yana sayo kayansa ne a kasuwar magani ta Dangwauro da ke kan titin Zariya, inda aka mayar da dilolin Sabon Gari a 2024. Yaransa biyu ne a kanta, shi kuma yana zuwa da hantsi ya tafi, ya dawo da dare a yi lissafi.

Na fara da isowar kaya, domin da shi suke fara yini. Ban ce "ga inda ake shigar da kaya" ba. Na ɗauko takardar dila na miƙa wa babban yaron, na ce, "Malam, ga kayan jiya, shigar mana da layin farko kamar yanzu aka sauke su." Layin farko kwali biyu ne na wani maganin zazzaɓi, kowane kwali fakiti 20, kowane fakiti kati 10. Ya rubuta kwali biyu, allo ya nuna fakiti 40, kati 400. Sai manhajar ta nemi abin da ke rubuce a jikin kwali wajen Batch No. da EXP. A nan Alhaji ya gyara zama, saboda a zaman kallon da na yi na ga ledar magungunan da wa'adinsu ya ƙare an tura ta ƙarƙashin kanta, na kuma ga dalili: yaro idan ya jera sabon kaya a gaba yake sa shi, tsohon ya koma baya har ya lalace. Da gangan na riga na shigar da fakiti 15 na tsohon kaya wanda saura wata uku wa'adinsa ya cika. Da muka zo sayarwa, manhajar ta ce a fara ba da wancan. Ban ambaci sunan wannan tsari ba, ban ma ce tsari ne na musamman ba. Alhaji da kansa ya juya ya tambayi yaron ko tsofaffin nan suna bayan kanta, yaron ya ce suna nan.

Daga nan sai ciniki. Ni na zama mai saye, ƙaramin yaron ya zauna gaban kwamfuta. Na ce a ba ni kati uku, aka buga naira 900 a kan 300 kowanne. Na dawo a matsayin mai kemis na unguwa na ce fakiti huɗu a farashin sari, 2,500 kowanne, zan ba da 6,000 yanzu, sauran 4,000 a rubuta. Yaron ya ɗan yi laluben inda zai sa bashin, na yi shiru na bar shi har ya gano. Wannan shirun yana da wuya ga mai talla, hannunka har ƙaiƙayi yake ka karɓi linzamin ka nuna, amma a cikinsa ne mai shago yake samun amsar tambayar da ta fi damunsa wadda ba zai furta ba, wato ko yaransa za su iya. Idan ni na danna komai cikin daƙiƙa goma, abin da na tabbatar masa kawai shi ne ni na iya.

Inda na fi daɗewa shi ne rufe lissafin dare, don nan ne ran Alhaji yake ɓaci kullum. Na shirya cinikin yini guda tun daga gida: jimla 186,500, tsabar kuɗi 92,000, POS 54,500, tiransifa 28,000, bashi 12,000. Sai na ce mu ɗauka an ƙirga durowa an samu 89,000. Allo ya nuna giɓin 3,000. Na tambayi babban yaron me yakan jawo irin wannan a shagon nan. Ya ce man janareta da kuɗin abinci, ana ɗauka a durowa a manta ba a rubuta ba. Muka shigar da 2,000 na mai da 1,000 na abinci, giɓin ya koma sifiri. Sai Alhaji ya ce, "To Injiniya, idan yaro ya ce an yi masa tiransifa alhali alat bai shigo ba fa?" Tambaya irin wannan, mai farawa da "to idan", ita ce alamar da nake jira. Tana nufin mutum ya daina kallon manhaja, ya shiga cikin shagonsa yana gwada ta da matsalolin da shi kaɗai ya sani. Haka kuma idan aka katse ni aka ce, "A'a, mu ba haka muke yi ba." Zaman da babu mai gyara mini magana, kowa yana ta gyaɗa kai, na san bai kama ba.

Amsar da na ba Alhaji ita ce manhajar tana jera duk tiransifar yini da lokacinta da sunan wanda ya karɓa, shi zai gwada da alat ɗin wayarsa, amma ba ta haɗe da banki, ba za ta tabbatar masa kuɗi sun shigo ba. Wannan wani abu ne da bin aikin yini yake tilasta wa mai talla. A jerin allo kana iya tsallake abin da manhajarka ba ta yi, babu wanda zai lura. Idan kuwa kana bin yini daki-daki, dole ka iso wurin, kuma mai shago yana kallo. Ni na fi son haka. Gara ya ji iyakar abin daga bakina yau, da ya gano ta bayan ya biya kuɗi ya horar da yaransa, domin a kasuwa labarin manhajar da ta ba mutum kunya yana riga na wadda ta yi aiki isa shagon maƙwabci.

Akwai abin da nake sakawa a tsakiyar ciniki ko ba a tambaya ba, shi ne in kashe intanet ɗin wayata da kwamfutar ke amfani da shi, in ce a ci gaba da sayarwa. Ɗaukewar sabis da wuta suna cikin aikin yinin mai shago a Kano kamar yadda karɓar kuɗi yake ciki. Ana buga rasit, a mayar da intanet, a ga cinikin ya hau wayar Alhaji. Minti biyu ne, amma ya fi dogon bayani a kan inda ake ajiye bayanai.

Wannan hanya tana da tata gazawar. Ta farko, yinin maigida daban, na yaron kanta daban, kuma wani lokaci buƙatunsu suna karo. Abin da ya fi burge Alhaji, wato ganin wa ya sauya farashi da ƙarfe nawa, shi ne abin da yaro yake ji kamar an kawo masa ɗan sanda. Shi ya sa nake raba zaman gida biyu. Sashen kanta da yaran nake yinsa, ina nuna musu abin da zai rage musu wahala, kamar daina lissafin kati da ka da daina zargin da ake musu a kan giɓin da ba su ci ba. Sashen sa ido kuwa sai sun koma bakin aiki nake buɗe wa maigida shi kaɗai. Yaron da ya tsani manhaja tun ranar farko yana da hanyoyi da yawa na sa ta zama kamar ba ta aiki.

Ta biyu, akwai ayyukan da ba sa faruwa kullum, kamar ƙirgar kayan sito ta ƙarshen wata, mayar wa dila kayan da suka lalace, ko cire yaron da ya bar aiki daga masu izinin shiga. Bin yini ɗaya ba ya kai ka gare su. Nakan ware musu minti biyar na ƙarshe, in tambayi wanne ne ya fi cin lokaci, in nuna shi kaɗai. Alhaji ya zaɓi ƙirgar ƙarshen wata, wadda ya ce sai sun rufe shago da wuri suke yinta. Muka buga takardar ƙirgar kayan kanta guda ɗaya, yaran suka ƙirga magunguna biyar na gaske a gabanmu, huɗu suka yi daidai da adadin da suka ba ni tun farko, na biyar ya gaza da fakiti biyu. Alhaji ya ce in bar kwamfutar a shagon zuwa Juma'a, su shigar da sauran kayan kantar da kansu su gani.