Ku fara da abin da ya kawo ku

Ƙannena, idan za ku rubuta wa wani takarda kuna neman ya yi muku wani abu, ku sa buƙatar a layi biyu ko uku na farko, bayan gaisuwa. Tarihin matsalar ya biyo baya. Na jima ina rubuta akasin haka, kuma takardar da ta koya mini ita ce zan warware muku a nan, jimla bayan jimla.

A lokacin ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu. Famfon tuƙa-tuƙa da ke bakin masallaci ya lalace, aka ce in rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma. Ga sakin layin da na buɗe da shi bayan gaisuwa:

"Kamar yadda mai girma shugaba ya sani, ruwa shi ne ginshiƙin rayuwar ɗan Adam da dabbobi, kuma babu al'ummar da za ta ci gaba ba tare da shi ba. Unguwarmu tana daga cikin tsofaffin unguwannin garin nan, mutanenta manoma ne da 'yan kasuwa masu bin doka. Tun zamanin iyayenmu muke fama da ƙarancin ruwa, musamman da bazara, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa. Daga baya Allah ya sa aka haƙa mana rijiyar burtsatse aka kafa famfo, muka ji daɗi ƙwarai. Ƙungiyarmu ta sha yin karo-karo don kula da shi. Sai dai a 'yan kwanakin nan abubuwa sun canza, mata da yara suna wahala, wasu yaran ma suna makara a makaranta. Saboda haka ne muka ga ya dace mu sanar da mai girma shugaba halin da muke ciki, da fatan za a duba."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma a lokacin na ɗauka na nuna ladabi da sanin makamar rubutu. Amma ku sake karantawa ku nemo mini inda na ce famfon ya lalace. Babu. Ku nemo inda na faɗi abin da muke so a yi. Shi ma babu, sai "za a duba". Gyaran da muke nema da kuɗinsa suna can a shafi na biyu. Takardar ta kwanta a fayil, mutanen unguwa suka ci gaba da sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, kuma jinkirin daga alƙalamina ya fito.

Abin da ban sani ba shi ne yadda takarda ke tafiya a ofis. Tana fara sauka a wurin magatakarda, ya buga mata hatimi da kwanan wata, ya sa ta cikin fayil tare da wasu masu yawa. Idan ta isa teburin shugaba, aikinsa na farko ba yanke hukunci ba ne. Aikinsa shi ne ya gane wane sashe ya kamata ya karɓe ta, ya rubuta gajeren umarni a gefenta ya tura. Kanun takardar da layukan farko yake dubawa don yin wannan. Idan ya ga gyaran famfo, ya san sashen ayyuka zai tura wa. Idan ya ga ruwa ginshiƙin rayuwa ne, bai san ko gyara ake so ba, ko sabuwar rijiya, ko godiya aka zo yi, sai ya ajiye ta zuwa lokacin da zai sami sukunin karanta ta duka. Wannan lokacin ba kasafai yake zuwa ba. Haka abin yake ga shugaban makaranta, da malamin da ke duba aikin ɗalibi, da wanda kuka tura wa saƙo a waya, inda layin farko kaɗai ke bayyana kafin ya buɗe.

Wani dattijo da ya yi aikin ofis har ya yi ritaya ne ya zaunar da ni a kan takardar. Bai gyara mini ko kalma ɗaya ba. Cewa ya yi, "Malam sakatare, ajiye takardar. Da shugaban ne ya tsaya a bakin motarsa ya ce maka me kuke so, me za ka ce masa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, famfonmu ya lalace, muna so a taimaka mana da kuɗin gyara." Ya ce, "To ina ka rubuta wannan?"

Daga nan nake farawa har yau. Na lura kuma cewa a doguwar shimfiɗa, manufar kusan kullum tana ɓoye a ƙarshe, bayan "saboda haka" ko "don haka ne" ko "bisa wannan dalili". Dalili kuwa shi ne mutum yana rubutu yana tunani, sai ya kai ƙarshe yake gano abin da yake son faɗa. Wannan ba laifi ba ne a rubutun farko. Laifin shi ne a aika shi haka. Ku nemo wannan jimla ta ƙarshe, ku ja mata layi, ku ɗauko ta ku kai sama.

Sai dai ɗaukowa kaɗai ba ta isa ba, domin tawa jimlar ba ta da ƙashi. "Mu sanar da halin da muke ciki, da fatan za a duba" ba ta ɗora wa kowa aiki ba. Jimlar manufa tana buƙatar aikatau da mai karatu zai iya aikatawa: a gyara, a biya, a amince, a turo, a ɗage. Tana buƙatar sunan abin da wurinsa, da adadi idan akwai kuɗi ko kaya, da lokaci idan lokacin yana da muhimmanci. "Muna neman taimako" gajere ne, amma bai fi doguwar shimfiɗar amfani ba, don har yanzu shugaba zai tambaya, taimakon me? Ga abin da muka mayar da ita:

"Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon mai girma shugaba ya amince a gyara famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallacin unguwarmu, wanda ya daina ba da ruwa wata biyu ke nan. Mai gyara ya ƙiyasta aikin a kan naira 180,000. Mun tara 60,000, muna neman cikon 120,000 kafin shigowar bazara. Shi kaɗai ne famfon da unguwar ke sha."

Jimla huɗu. Ta farko ta faɗi aikin da wurin, ta biyu da ta uku sun faɗi kuɗin da lokacin, ta huɗu ta ba da dalili guda wanda ya fi kowane nauyi. Ku lura da wannan na ƙarshen, domin nan ne na fi shan wahala. Ina da dalilai da yawa, kuma zuciyata tana son kowanne ya shiga gaba: wahalar mata, makarar yara, tsadar ruwan garuwa. Amma duk waɗannan 'ya'yan dalili ɗaya ne, wato babu wani famfon. Wanda ya ji wannan zai hango sauran da kansa.

To ina aka kai ragowar? Kowace jimla na tambaye ta abu ɗaya: idan mai karatu bai san wannan ba, hukuncinsa zai canza? Maganar ruwa ginshiƙin rayuwa ta faɗi nan take. Duk jimlar da ta fara da "kamar yadda ka sani" ta riga ta shaida da bakinta cewa ba a buƙatarta. Tsufan unguwa da bin dokar mutanenta su ma suka fita, don ba su ƙara wa famfo lalacewa ba, ba su rage kuɗin gyara ba. Maganar karo-karo kuwa ta tsira, har ta hau sama, amma ta canza kama: a da yabon kai ce, yanzu ta zama lamba, wadda ke nuna wa shugaba cewa mun ɗauki kashi ɗaya cikin uku na nauyin. Ƙafewar rijiyoyi da bazara ta koma sakin layi na biyu, inda take bayyana dalilin gaggawa. Bayanin mai gyara game da bututun da suka tsage da robobin da suka cinye ya zama takarda daban da muka maƙala a baya, muka ambace ta da jimla ɗaya. Shugaba ba ya buƙatar wannan bayani, amma ma'aikacin sashen ayyuka da takardar za ta sauka a hannunsa yana buƙatarsa sosai.

Kanun takardar ma sai da ya canza. Na farko "Kukan al'umma game da matsalar ruwa" ne, ya koma "Roƙon gyaran famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci".

Na san abin da ke riƙe hannun da yawanku, domin shi ya riƙe nawa: tsoron a ce ba ku da kunya. Mun tashi a inda ba a shiga zauren babba a faɗi buƙata kafin a gaisa a tambayi iyali da gajiya, kuma wasiƙarmu ta gargajiya ma da gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci take buɗewa. Ban ce ku zubar da wannan ba. Amma ku tuna cewa a waccan wasiƙar, da an gama gaisuwa ana cewa "bayan haka", sai maganar ta fito. Gaisuwa daban, kewaye-kewaye daban. Ladabi yana cikin "muna roƙo", da kiran mutum da girmansa, da godiyar da za ta rufe takardar. Sa babban mutum ya yi ta laluben abin da kuke so har shafi biyu ba girmamawa ba ce gare shi.

Akwai wuraren da ba na bin wannan tsari. Idan zan sanar da mutum rasuwar nasa, ko zan rubuta neman sulhu tsakanin 'yan uwa, ko zan ƙi roƙon wanda nake jin nauyinsa, ina shimfiɗa jimla ɗaya ko biyu da za su shirya zuciyarsa. A nan shimfiɗar tana yi wa mai karatu aiki. Haka kuma idan wanda zan rubuta wa bai san ni ba kwata-kwata, rabin jimla na gabatar da kai tana shiga gaba: "Ni ne sakataren ƙungiya kaza, ina rubutowa ne domin..." Rabin jimla, ba tarihin kafuwar ƙungiya ba.

Wani kuskuren da na faɗa bayan na koyi gajartawa shi ne cusa buƙata biyu a buɗewa ɗaya. Na taɓa haɗa gyaran famfo da yashe magudanar ruwa da neman ƙarin kujerun makaranta a takarda guda, duka a sama, duka a taƙaice. Ta yi kyau a ido, amma kujeru na sashen ilimi ne, famfo na wani sashen, takarda ɗaya kuma ba ta shiga fayil biyu. Idan kun ga jimlar manufarku tana ta jan "da kuma", ku tsaya ku duba ko takardu biyu ne kuke ƙoƙarin rubutawa a matsayin ɗaya.

Kafin ku aika, ku rufe komai da hannu ban da kanu da sakin layin farko, ku karanta wa wanda bai san maganar ba, sau ɗaya kawai. Ku tambaye shi me ake nema, a wurin wa, nawa ne, zuwa yaushe. Idan ya amsa da "kamar dai" ko ya ce ku ci gaba da karantawa tukuna, manufar tana ƙasa har yanzu. Ku koma ku nemo "saboda haka" ɗinku, ku duba jimlar da ke bayanta.