Wasiƙar da na rubuta wa aminina kafin in sa hotonsa a talla

Ana saura mako uku Sallar Layya, na so in yi tallar wata babbar riga ta shadda da na ɗinka a shagona na Tahoua. Ƙanena ne ya sa rigar na ɗauki hoto, amma yaro ne, rigar kuwa ta manya ce. Sai na tuna da hoton aminina da na ɗauka ranar ɗaurin aurensa, na yanke fuskarsa da manhajar PicsArt na ɗora a kan rigar. Har na kusa sa hoton a WhatsApp, sai na tuna cewa hoton da ya bar ni in ɗauka na biki ne, ba na talla ba, kuma tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, wadda hukumar HAPDP ke kula da ita.

Na zaɓi rubutu maimakon kira, domin a waya aboki yakan ce "ba komai" saboda kunya, daga baya ransa ya ɓaci. Ga abin da na aika masa:

"Aminina, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman izininka in ɗora fuskarka a kan rigar da ke cikin hoton nan. Na haskaka fatar kaɗan, na gyara gefen gemu. Zan sa shi a WhatsApp da shafin shagona na Facebook har zuwa ranar Sallah, in kuma buga babba guda in rataye a ƙofar shago. Duk ranar da ka ce in cire zan cire, sai dai wanda wani ya riga ya adana a wayarsa ba ni da iko a kansa. Idan ba ka so, wallahi ba zai taɓa zumuncinmu ba."

Na haɗa da hoton na asali da wanda na gyara, na rubuta GWAJI a tsakiyarsa don kada ya yaɗu kafin ya amsa.

Amsarsa ta zo washegari, kuma ta nuna mini kuskuren da ban gani ba. Wajen gyaran fata, manhajar ta shafe askar da ke kumatunsa, wadda ya gada daga gidansu, ni kuwa hankalina yana kan aikin wuyan riga. Ya rubuta cewa: "Malam, wannan ba ni ba ne. Mayar mini da askata da launina." Na ƙofar shago ma ya ƙi, domin surukinsa yana bin hanyar kullum zuwa kasuwa.

Na sake aikin daga hoton asali ba tare da na taɓa fatar ba, na tura masa, ya amsa a rubuce cewa ya yarda. Na ajiye saƙon, kuma da yammacin ranar Sallah na cire hoton daga Facebook.